Kati Ɗaya, Ranaku Uku

A farkon watan Disamba na shekarar 2024 wani saurayi ya sallamo mini bayan La'asar, riƙe da takarda ɗaya da ya naɗe cikin leda don kada ƙurar hunturu ta ɓata ta. Ɗan abokin mahaifina ne daga Tsaskiya, a Ƙaramar Hukumar Safana. Za a aurar da ƙanwarsa, kuma mahaifinsu, wanda duk muke kira Baba Malam, ya ce kada a gurza katin sai na gani. Abin da ya kawo kwafin gwaji ne daga wani shagon ɗab'i. An yi masa ado da furanni masu ruwan zinariya, an zagaye shi da zane mai kyau, kuma saurayin ya ce da ni: "Yaya, ai an gama, sa hannu kawai za ka yi, gobe za a fitar da ɗari biyu."

Na daɗe ina duba rubutu kafin a buga shi, don haka ban fara da kallon furannin ba. Na sa yatsa a kan layin kwanan wata. Ga abin da ke wurin: ranar Asabar, 15 ga Disamba, 2024, daidai da 2 ga Jimada Sani, 1445, da misalin ƙarfe 2:30, bayan Sallar Juma'a. Na ɗaga kai na dubi kalandar bango. Ranar 15 ga Disamba ta faɗo Lahadi ne. Ke nan layi ɗaya yana kiran jama'a ranar Asabar da baki, ranar Lahadi da lamba, ranar Juma'a da salla. Na ce wa saurayin ya zauna, a kawo masa ruwa, domin aikin ba na sa hannu ba ne.

Ra'ayina, wanda nake so in kare a wannan shafi, shi ne cewa duk wanda aka ba katin aure ya duba, bashi ne a kansa ya mayar da amsa a rubuce, kuma ya jera kurakuran gwargwadon ɓarnar da za su yi, ba gwargwadon inda suka faɗo a shafi ba. Sannan ya raba abin da ya gyara da kansa da abin da sai mai kati ya faɗa. Mai duba rubutu ya san harshe, amma bai san gidan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga takardar da na rubuta a daren, na cire sunaye kawai:

"Assalamu alaikum, Baba Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya sanya albarka a wannan aure. Na karanta katin sau uku. Na kasa abin da na gani kashi uku. Kashi na farko da na biyu ban taɓa su ba, amsarka nake jira. Na uku na gyara, sai dai ka duba ka yarda.

"Kashi na farko, abin da zai ɓatar da masu zuwa. Ɗaya, rana da kwanan wata ba su dace ba: Asabar 14 ce ga wata, 15 Lahadi ce. Wacce ake nufi? Biyu, kwanan watan Musulunci na bara ne. Yanzu muna 1446. Uku, an ce bayan Sallar Juma'a, alhali ba ranar Juma'a ba ce. Ƙarfe nawa ne, da safe ko da rana? Huɗu, an ce a Masallacin Juma'a, ba a faɗi gari ba. Na Tsaskiya ne, ko a Dutsin-Ma za a ɗaura? Biyar, lambar wayar da ke ƙasa goma ce, saura ɗaya.

"Kashi na biyu, abin da zai taɓa mutunci da zumunci. Shida, an sa kalmar Marigayi gaban sunanka. Allah ya ƙara maka nisan kwana. Bakwai, an rubuta Alhaji, mu kuwa Malam muka sani. Wanne kake so? Takwas, sunan amarya an rubuta shi iri biyu, sama daban, ƙasa daban. Yaya take rubuta shi? Tara, a dangin ango an sa sunan ƙane sama da na wa. Haka suka bayar, ko kuskure ne? Goma, Bisimillar da ke saman kati haruffanta sun rarrabu, sun juya baya. Kai ne malaminmu, ka duba da idonka.

"Kashi na uku, ƙa'idar rubutu. Sha ɗaya, haruffa masu ƙugiya sun faɗi a wuri shida. Sha biyu, an haɗe kalmomin da ake rabawa, an raba waɗanda ake haɗewa, a wuri biyar. Sha uku, an rubuta ranan da waliman a maimakon ranar da walimar. Duk na yi musu alama da jan biro.

"Roƙona, Baba, kada a gurza sai an gyara an sake kawo mini kwafi na biyu. Ɗanka mai biyayya."

Zan bi takardar daki-daki, domin kowane kashi da dalilin da ya sa yake inda yake.

Na sa rana da lokaci da wuri a gaba saboda su ne aikin kati. Kafin zuwan kati, goro ake rabawa, kuma har yau a ƙauyukanmu goro da alawa ba su daina yawo ba. Wanda ya kawo maka goron gayyata yana tsaye a gabanka, idan ya yi tuntuɓen harshe sai ka ce, "Wace Asabar ɗin, ta jibi ko ta sama?" ya ba ka amsa nan take. Kati ba ya amsa tambaya. Abin da aka buga a kansa shi zai maimaita wa mutum ɗari biyu, gaskiya ne ko kuskure.

Yadda aka yi ranaku uku suka haɗu a layi ɗaya ba ɓoyayyen abu ba ne ga wanda ya saba shiga shagunan ɗab'i. Ba kasafai ake fara kati daga farar takarda ba. Mai kwamfuta yakan buɗe tsohon katin wani, ya goge sunaye, ya sa sababbi. Da na ga 15 ga Disamba da Sallar Juma'a da 1445 wuri ɗaya, sai na koma kalandar 2023. Ranar 15 ga Disamba, 2023, Juma'a ce, kuma ta faɗo a farkon Jimada Sani na 1445. Ashe katin wani ne da aka ɗaura wa aure a wannan rana bayan an sauko daga masallaci. Yaron shago ya canja sunan rana, ya canja shekarar Miladiyya, ya manta da sauran. Lissafin mai sauƙi ne: shekara kwana 365 ce, wato mako 52 da kwana ɗaya, don haka kowane kwanan wata yakan matsa gaba da rana ɗaya a shekara mai zuwa. Idan Fabrairu mai kwana 29 ta gitta, kamar yadda ta yi a 2024, sai ya matsa da rana biyu. Shi ya sa Juma'ar 2023 ta koma Lahadi a 2024. Duk katin da ka ga rana da lamba sun saɓa da kwana ɗaya ko biyu, ka fara zargin tsohon kati ne aka yi wa sabuwar riga, sannan ka bi shi layi-layi kana neman sauran abin da mai tsohon katin ya bari a aljihu.

Kwanan watan Musulunci kuwa yana da tasa wahalar. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11, saboda haka ko an canja 1445 zuwa 1446, lambar rana ba za ta zauna daidai ba. Asabar 14 ga Disamba, 2024, ta faɗo wajen 12 ko 13 ga Jimada Sani ne, gwargwadon ranar da aka tsayar da wata. A Nijeriya sanarwar Fadar Sarkin Musulmi ake bi, kuma takan iya bambanta da kalandar da aka buga tun farkon shekara ko wadda ke cikin waya da kwana ɗaya. Shawarar da nake bayarwa ita ce: idan watan ya riga ya kama, a sa kwanan da aka sanar, idan bai kama ba tukuna, a rubuta sunan wata da shekara, a bar lambar rana.

Maganar wuri da lokaci ta fi nauyi a yankinmu fiye da yadda mutumin birni zai zata. Kowa ya san abin da ƙasashen Safana da Batsari, da sauran garuruwan da ke bakin dajin Rugu, suka sha a hannun 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Gidaje da yawa sun rabu biyu, wasu na gida, wasu sun koma Dutsin-Ma ko Katsina. Gidan Baba Malam na cikinsu. Don haka idan kati ya ce Masallacin Juma'a ya yi shiru, rabin dangi za su fahimci na Tsaskiya, rabi su fahimci na unguwar da iyalin ke zaune a Dutsin-Ma. Haka ma lokaci. Mai tasowa daga Katsina ta hanyar Kurfi yana lissafin tafiyarsa ne yadda zai koma gida da sauran rana. Ɗaurin auren ƙarfe 11 na safe yana ba shi wannan dama; na ƙarfe 2:30 yana iya sa shi ya ce a yi masa uzuri. Wanda kuma ya amince da kati ya zo ƙarfe biyu, sai ya tarar an shafa Fatiha tun da hantsi, an naɗe tabarmi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kuskuren kashi na farko ƙafar yake ɓatarwa.

Za a ce ai akwai waya, wanda ya rikice ya kira. To lambar da ke katin ma goma ce, alhali lambobin wayar hannu a ƙasar nan goma sha ɗaya ne. Ni ba na ƙidaya lamba kawai, kiranta nake yi, domin lamba tana iya cika goma sha ɗaya amma biyu sun yi musayar wuri, ta faɗa wayar wani bawan Allah da bai san ana biki ba. Kuma mutanen wannan yanki ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari da Dutsin-Ma, saboda matsalar tsaro. A watannin da layukan suke rufe an ci gaba da aure da suna, kuma abin da aka rubuta a takarda ko aka aiko ɗan aike da shi, shi ne kaɗai labari. Kati ya kamata ya iya tsayawa da ƙafarsa ko babu waya.

Kashi na biyu shi ne wanda ya fi sa ni faɗuwar gaba. Kuskuren rana yana wucewa idan rana ta wuce. Kuskuren suna yana zama a zuciya. Ka yi tunanin dattijo yana raye, yana aurar da 'yarsa, a miƙa wa abokansa kati mai cewa iyalan marigayi wane. Wani tsohon almajirinsa da ke nesa, wanda ya kwana biyu bai ji labarinsa ba, zai fara da salati kafin ya kai ga sunan amarya. Wannan ma gadon tsohon kati ne: mai tsohon katin mahaifinsa ya rasu, kuma ya je Makka. Aka goge sunansa, aka bar masa Marigayi Alhaji suna jiran duk wanda za a rubuta a gaba. Akasin haka ma yana faruwa, a manta da Marigayi gaban sunan wanda ya rasu, sai gwauruwarsa ta ga kati kamar an manta da rashin da ta yi.

Na tabbata Baba Malam na raye, to me ya sa ban goge kalmar da kaina na yi shiru ba? Saboda ya kamata ya san irin abin da ya kusa fita da sunansa, don ya duba sauran sunayen da ido biyu. Game da Alhaji kuwa, ba ni da hurumin zaɓa masa. Akwai wanda ya sauke farali amma ya fi son a ce masa Malam. Akwai wanda bai je ba, yana jin kunyar a laƙaba masa abin da bai yi ba, musamman a gari irin Tsaskiya inda kowa ya san wanda ya hau jirgi da wanda bai hau ba. Sarauta ta fi wannan ma tsanani. A ƙasar Katsina hakimi da sunan sarautarsa ake kiransa: na Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana shi ne Yarima. Wanda ya rubuta Sarkin Batsari a jerin manyan baƙi ya nuna bai san ƙasar ba. Dagaci da mai unguwa ma kowa da matsayinsa, kuma wanda aka rage wa rawani a kati ba lalle ya yi magana ba, amma zai riƙe.

Sunan yanka shi ma na mai shi ne. Muhammad da Muhammadu da Mamman asalinsu ɗaya, haka Hauwa da Hauwa'u, ko A'isha da A'ishatu, amma ba aikin mai duba rubutu ba ne ya zaɓi wanda ya fi yi masa daɗi. Abin da zai kama shi ne saɓani: idan sama ta ce kaza, ƙasa ta ce kaza, ɗaya ba daidai ba ne, sai a tambayi mai suna. Amarya takan ajiye katin aurenta a ƙasan akwati shekara da shekaru, ta nuna wa 'ya'yanta. Ya dace ta ga sunanta yadda take rubuta shi. Jerin sunaye kuma, a al'adarmu, magana ce. Wa yana gaba da ƙane, baffan da zai yi walicci ba a jefa shi ƙarshen layi. Na tambaya ne domin wani lokaci da gangan ake yi, idan ƙanen shi ya riƙi ango tun yana yaro. Dangin ango suka aiko cewa kuskure ne, a mayar da babba sama.

Bisimilla na sa ta a wannan kashi da gangan. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, haruffansa kuma suna haɗuwa da juna. Wasu manhajojin zanen kati, musamman tsofaffi, idan aka liƙa musu rubutun Larabci sai su wargaza shi, kowane harafi ya tsaya shi kaɗai, jerin kuma ya juya daga hagu. Yaron da bai yi nisa a allo ba zai ga kamar ado ne. Amma dattawan da za a kai wa katin a Tsaskiya, da yawansu sun fi karanta Larabci da ajami a kan boko. Ba za su lura da ƙugiyar da ta faɗi ba, amma wannan shi idonsu zai fara sauka a kai. Da Baba Malam ya duba, bai tsaya kan gyara ba. Ya ce a cire gaba ɗaya, domin ya sha ganin katunan aure a ƙasa bayan biki, ana takawa, iska na yawo da su, kuma ba ya son sunan Allah ya bi wannan hanya ta dalilinsa. Hukuncinsa ne, kuma na ga hikimarsa.

Sai kashi na uku, wanda shi ne ainihin sana'ata, kuma shi na sa a ƙarshe. Ba don na raina shi ba. Na sa shi a nan ne saboda shi kaɗai nake iya gyarawa ba tare da na tayar da kowa ba, tun da ƙa'ida ce, ba labarin gida ba.

Babban layin katin, da manyan haruffa, cewa ya yi daurin aure. Dauri shi ne maganin da ake ɗura wa jariri. Abin da ake yi a masallaci ɗauri ne. A ƙasa aka ce auren yarsu. Idan babu ɗan waƙafin nan na sama, ya ita ce babbar 'yar'uwa mace, don haka katin yana cewa yayarsu za a aurar, ba 'yarsu ba. Haka 'ya'yansu yake komawa yayansu. Manyan baƙi suka zama manyan baki, ƙarfe ya zama karfe, ƙofar gida ta zama kofar gida, ɗan ya zama dan. Waɗannan ba kwalliya ba ce. Ɓ da ɗ da ƙ da 'y sautuka ne daban a bakin Bahaushe, shi ya sa aka ba su haruffa daban.

Rabon kalma ma haka. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: wakilin suna da ke gaban aikatau zaman kansa yake, sai a rubuta za su, ya ba da, ku zo, gajeriyar mallaka kuwa manne take da sunanta, sai a rubuta gidansu, 'yarsu, amaryarsa. Katin ya juya abin, ya haɗe zasu da agidan, ya raba gidan su. Addu'ar da ke ƙarshe ta ce Allah yasa, alhali yasa aikin mai yasar rijiya ne. Abin da ake nufi Allah ya sa. Ranan da waliman kuma sun zo ne daga yadda wasu ke magana, amma rana da walima jinsin mace ne, a rubuce -r suke ɗauka.

Waɗannan ƙa'idoji ba ra'ayin wani malamin makaranta ba ne. An fi shekara ɗari ana gina su. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko a 1912. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai daidaitacciyar Hausa gari-gari. Imam kuwa a Katsina ya yi karatu, a nan ya koyar kafin ya koma Zariya. Aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Katin aure kuwa na cikin 'yan takardun Hausa da ke shiga kowane gida, har gidan da ba a sayen jarida ko littafi. Yaron firamare zai ɗauka ya karanta, kuma abin da ya gani an buga da inji zai ɗauka shi ne daidai.

Masu shago sukan ce kwamfuta ba ta da haruffan. A da akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa marubuta da maɗaba'u hidima sosai. Sai dai idan aka kai aikin kwamfutar da ba ta da su, ƙugiyoyin kan rikiɗe su zama wasu alamomi. Yau kowane harafi yana da lambarsa ta duniya. A manhajar Word, idan ka buga 0199 ka danna Alt+X za ka sami ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ. Abin da ya rage a kula da shi shi ne salon haruffa masu lanƙwasa da ake so a katin aure: yawancinsu ba su da ƙugiya, sai ka ga ɗan akwati a wurin harafin, ko harafi ɗaya ya fita dabam da 'yan'uwansa. Maganinsa a canja salo. Shi ya sa nake dagewa a kan kwafi na biyu, kuma a takarda, domin gyara kansa yana haifar da sabon kuskure. A namu katin, da aka gyara ɗaurin, sai ɗ ta fito akwati a babban layi. Da mun amince da cewa an gyara, da haka ɗari biyu za su fita.

Akwai iyaka da mai duba rubutu bai kamata ya tsallake ba. Karin harshe ba kuskure ba ne. A yammacin Katsina za ka ji ɗiya a inda Bakano zai ce 'ya, ka ji arme a bakin tsofaffi a maimakon aure. Idan uba ya ce a rubuta ɗiyarsu, Hausa ce tsantsa, kuma ita ce ta bakinsa. Aikina in tabbatar ƙugiyar ɗ tana nan, kuma kada a ce ɗiya a sama a ce 'ya a ƙasa. Haka in ya zaɓi addu'ar da ni ba ita zan zaɓa ba, ko launin da bai burge ni ba, ba ya shiga takardata. Mai duban da ya cika takarda da son ransa, yana binne muhimmin abu ne a cikin tarkace, sai mai kati ya gaji kafin ya kai ga Marigayi.

Na san abin da wasu za su ce: kati ne fa, ba littafi ba, kuma kowa zai gane. Na yarda da rabin maganar. Bahaushen da ya ga daurin aure zai gane abin da ake nufi, shi ya sa ma wannan ya zo ƙarshe a jerina. Amma babu mai gane ranar da ba a faɗa ba, kuma babu mai gane garin da ba a rubuta ba. Wasu kuma za su ce me ya sa sai a rubuce, ba a faɗa da baki? Saboda saƙon hannu huɗu yake bi: daga gare ni zuwa saurayi, daga saurayi zuwa Baba Malam, daga nan zuwa dangin ango, sannan ya koma wurin yaron shago. Abu goma sha uku ba sa tsira a irin wannan tafiya da baki. Uku za su isa, su ma waɗanda suka fi sauƙin tunawa. Takarda mai lamba kuwa, yaron shago zai bi ta yana sokewa ɗaya bayan ɗaya, ni ma in bi ta in tabbatar. Tana kuma kare kowa daga zargi. Yaron nan ba mugunta ya yi ba. Lokacin biki ne bayan kaka, aiki ya yi masa yawa, kowa na cewa gobe yake so. Idan akwai takarda da sa hannun mai kati a kwafin ƙarshe, ba sai an tsaya a ƙofar shago ana musun wa zai biya kuɗin sake bugawa ba.

Ga wanda ba shi da mai duba masa, hanyar da nake bi ba ta buƙatar digiri. A karɓi kwafin a takarda. A karanta sau uku da murya, yatsa na bin kowace kalma. Karatun farko da kalanda da waya a hannu, ana neman rana, lokaci, gari da lamba. Na biyu a gaban dattijon gida, ana kiran kowane suna da laƙabinsa yana amsawa. Na uku daga ƙasa zuwa sama, kalma-kalma, domin ido ya daina cika abin da ya saba gani. A ƙara tsayawa a kan manyan haruffa, don su ido ya fi tsallakewa, yana ganin ya riga ya san abin da suka ce.

Saurayin ya kai takardata Dutsin-Ma washegari, ya karanta wa mahaifinsa a zaure. Ya gaya mini cewa da ya zo kan lamba ta shida, Baba Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "Ranar tana nan tafe, amma ba mu za mu sa ta a kati ba." Da yamma ya kira ni da kansa. Ya ce Asabar ce, 14 ga wata, ƙarfe 11 na safe, a Dutsin-Ma, kuma a rubuta Malam. Ya ƙara da cewa, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka rufa mana asiri."

Kati ya yi jinkirin kwana biyu. Ranar ɗaurin aure na zauna a bayan sahu, ina kallon mutanen Tsaskiya suna saukowa daga mota da babura tun da hantsi, wasu da katin a aljihun gaba. Aka ba da sadaki, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, aka shafa Fatiha. Kafin Azahar masu nisa sun kama hanya, rana na tsaka.